Jadawalin Azumi: Aikin Da Ke Cikin Takardar Da Ake Mannawa A Bango

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, masu ɗab'i sun shiga kakarsu. Masallatai, ƙungiyoyi, 'yan kasuwa da 'yan siyasa, kowa so yake a buga masa jadawalin azumi da sunansa a sama. Sau da yawa hoton mai ɗaukar nauyi ne ke cinye rabin takardar, lokutan sallah kuma a cusa su a ƙasa, ƙanana kamar tururuwa. Alhali wanda aka yi dominsa mutum ne da ya farka ƙarfe huɗu da rabi na asuba, barci bai sake shi ba, ga babu wuta, yana haska bango da fitilar waya don ya san ko da sauran lokacin shan ruwa.

Abin da ya fi rikita masu tsara jadawalin shi ne, ana buga shi tun ba a san ranar da za a ɗauki azumi ba. A Najeriya sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa, kuma a lokacin takardar ta riga ta hau bango. Lokutan sallah kuwa rana suke bi, don haka da kwanan watan Miladiyya suke tafiya. Alfijirin 5 ga Maris a Kano lokacinsa ɗaya ne, ko ranar ta zama huɗu ga azumi ko biyar. Shi ya sa ya kamata kowane layin kwance ya fara da sunan rana da kwanan watan Miladiyya, kwanan Ramadan ya biyo baya, a kuma rubuta a ƙasa cewa ya danganta da ganin wata. In an samu saɓanin kwana ɗaya, mai karatu ya bi Talatarsa ko Larabarsa, lokutan ba su ɓaci ba. A ko da yaushe a tanadi layi talatin, ko da watan zai yi nuƙusani kamar na 2025, da aka ɗauka ranar Asabar 1 ga Maris aka yi Sallah ranar Lahadi 30 ga wata. A 2024 kuwa, ranar 11 ga Maris aka ɗauka. Wannan jan baya na kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara shi ya sa ba a kwafo lokutan jadawalin bara a sauya masa shekara kawai, ko da yake akwai masu yi.

Sai sunan gari, wanda ya cancanci manyan baƙaƙe fiye da sunan kowane mai tallafi. Duk digiri ɗaya da aka matsa gabas ko yamma, rana na sauya lokaci da minti huɗu. Maiduguri na gabas da Kano da digiri huɗu da rabi da ɗan kai, Sakkwato kuma na yamma da ita da digiri uku da 'yan kai. Ke nan Maiduguri na riga Kano shan ruwa da kusan minti goma sha takwas, Sakkwato kuma sai bayan kamar minti goma sha uku. Basakkwacen da ya buɗa baki da jadawalin Maiduguri ya sha ruwa rana na sama, da saura kusan rabin awa ta faɗi. Jadawalin da ya ce "Arewacin Najeriya" kawai, babu gari, ba abin mannawa ba ne.

Mu ɗauki takarda mai girman A3, wadda faɗinta santimita 29.7 ne, tsawonta 42. A bar santimita ɗaya fili a kowane gefe, a ba kan takarda santimita 8 don sunan masallaci, gari da shekara, a ba ƙasa 4 don bayani da sunan mai tallafi. Saura 28. In an raba wa layi 31, wato kwana talatin da layin kanun, kowane layi zai samu kusan milimita tara. Wannan zai ɗauki lambobi masu tsayin milimita biyar, waɗanda mai lafiyar ido zai karanta daga taku ɗaya ko biyu. Ya isa falo ko shago. Na bangon masallaci, inda mutane ke leƙe ta kan kafaɗar juna, sai A2. Yanzu a ce mai tallafi ya dage sai hotonsa ya ci santimita 20. Layukan sun koma kusan milimita biyar, lambobin uku, dattijo kuma sai ya kira jikansa ya karanta masa.

A faɗi kuma akwai santimita 27.7. In an yi gida tara, wato rana, kwanan Miladiyya, kwanan Ramadan, Alfijir, fitowar rana, Azahar, La'asar, Magariba da Isha'i, kowane gida zai samu kimanin santimita uku. Amma ba daidai ido ke nemansu ba. Gida biyu mai azumi ke dubawa kullum, Alfijir da Magariba, su za a yi wa lambobi masu kauri da launi mai haske a bayansu. Sauran a bar su baƙi a kan fari. Rubutun ruwan zinare a kan kore yana da kyau a fuskar kwamfuta, amma a hasken fitila ɓacewa yake. Haka hoton Ka'aba da ake shimfiɗawa a bayan lambobi, yana sa 3 ta yi kama da 8. A ɗan shafa wa layin kowace Juma'a launi, don ido ya samu madogara kada ya zame zuwa layin gobe. A zaɓi salon rubutun da lambobinsa ke da faɗi ɗaya, ta yadda ɗigo biyun da ke tsakanin awa da minti za su jeru cur daga sama har ƙasa, a kuma duba cewa yana da ƙ, ɗ da ɓ, don kada a ga ɗan akwati a tsakiyar "buɗa baki".

Wajen Alfijir ne aka fi samun gardama. Wasu jadawalan na sa gidan Imsaki minti goma kafin alfijir, wasu su rubuta "Sahur" ba tare da sun ce farkonsa ko ƙarshensa ba, wasu kuma su sa lokacin tayar da ikama a masallacinsu a matsayin Asuba. Wannan na ƙarshe shi ne mai haɗari, domin mutum zai ci gaba da cin tuwonsa alfijir ya riga ya keto. A rubuta ɓaro-ɓaro: "Alfijir, ƙarshen sahur". Manhajojin lissafi ma sun bambanta. Wata na ɗaukar alfijir lokacin da rana ke digiri 18 ƙasa da sararin gabas, tsarin Masar kuma 19.5, kuma a ƙasar Hausa wannan tazarar minti shida ce ko kusa da haka. La'asar ma a tabbata ba a bar ta a lissafin Hanafiyya ba, wanda ke jiran inuwa ta ninka biyu, domin a Malikiyya tana shiga tun inuwar abu ta kai tsawonsa bayan ta zawali. Wannan hukuncin liman ne da malamai, mai zane ya rubuta tsarin da aka bi a ƙasan takarda. In lissafi ya zo da daƙiƙoƙi, Magariba a cika ta zuwa minti na gaba, Alfijir a zubar da su.

Masu yi wa goman ƙarshe alama su tuna dare ne ke gaba da yini, daren 27 yana farawa ne da Magaribar ranar 26. Ayoyi kuwa gara a rage su, tun da an san bayan Sallah wasu takardun a hannun mai ƙosai suke ƙarewa.

Kafin a ba injin dubu, a buga guda ɗaya a ainihin girmanta, a manna, a ja da baya a duba. Sannan mutum biyu su zauna, ɗaya na karanta asali da ƙarfi, ɗaya na bin gida guda daga sama zuwa ƙasa da yatsa. A ƙasarmu lokaci ba ya motsawa fiye da minti ɗaya daga yau zuwa gobe, wani lokacin ma ya yi kwanaki bai motsa ba. In aka ga 6:36, 6:36, sai 6:63 ko 6:26, to hannun mai bugawa ne ya kuskure, a gyara kafin a kai maɗaba'a.