Munduwar motsa jiki ko agogon zamani: wane ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Yamai, teburin masu sayar da salula ya cika da kayan ɗaurawa a hannu iri biyu: siririyar munduwa mai ƙirga taku da bugun zuciya, da kuma agogo mai faɗin fuska wanda ake karɓar kira da shi. Wanda likita ya umurta da ya riƙa tattaki saboda ƙiba ko hawan jini yakan tsaya yana waswasi, domin kuɗinsa ba su isa ya yi kuskure sau biyu ba.

A ɗauki misalin malamin makaranta mai jaka 30 a aljihu, mai salula Android, wanda ke son tattakin minti 30 bayan asuba. Munduwar Xiaomi Smart Band 8 ta fito a Turai a 2023 a kan wajen Yuro 40, kusan jaka 26 ke nan. Agogon Apple Watch SE na 2022, wanda a lokacin shi ne mai rangwame a gidansu, ya fito a kan Yuro 299, wato wajen jaka 196, kuma ba ya aiki sai da iPhone. Ke nan da jaka 30 malamin ba zai samu sabon agogo na irin wannan aji ba. Zaɓinsa na gaskiya shi ne munduwa ta asali, ko agogon kwaikwayo wanda ya ari siffar na manya.

Abu na farko da zai auna shi ne batir. Kamfanin Apple ya yi wa agogon nan alkawarin awa 18, wato caji kowace rana, alhali an ce munduwar tana kaiwa kwana 16. Ko da yawan awon zuciya ya rage kwanakin zuwa rabi, caji huɗu ya wadatar a wata, a maimakon 30. Wanda ya ga ƙarancin wutar da aka sha bayan Nijeriya ta katse layinta a watan Agusta na 2023 ya san darajar wannan bambanci. Na'urar da ta kwana a mace ba ta ƙirga takun asuba.

Me agogo ya fi munduwa da shi? Na asalin yana da GPS, yana zana hanyar da aka bi ko an bar salula a gida, yana da lasifikar amsa kira, ana kuma ƙara masa manhajoji. Munduwar nan ba ta da GPS nata, sai ta ari na salula ta hanyar Bluetooth. Mai tattaki da salularsa a aljihu bai yi asarar kome ba. Mai gudun nesa ne zai ji rashin.

Haɗarin yana wajen jabu. Na'urar kirki tana haska koren haske cikin fata, ta auna yadda jini ke kumbura jijiya da kowane bugu. Wasu agogunan kwaikwayo kuwa fitila kawai gare su, lambar ƙirƙirarta suke yi. Gwajin ba shi da wuya. Mai saye ya ɗaura na'urar faɗin yatsa guda sama da ƙashin wuyan hannu, ya zauna, ya ƙirga bugunsa da yatsu na daƙiƙa 30 ya ninka biyu, sannan ya kwatanta. Daga nan ya hau matakala ko ya yi sassarfa na minti guda. In lambar ba ta hau ba, ya ajiye. Ya kuma tabbata na'urar ta haɗu da manhajar kamfaninta, Mi Fitness ga Xiaomi, kafin ya biya.

Ko ta asalin ma tana da iyaka. Motsin hannu take ji, saboda haka daka a turmi da girgizar kabu-kabu suna iya ƙara mata taku, tura amalanke kuma ya rage. Sannan kada kwali ya ruɗi mai ciwon sukari: a watan Fabrairu na 2024 hukumar FDA ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan agoguna da zobba masu da'awar auna sukari ba tare da huda fata ba. Mai hawan jini shi ma kada ya bar awon likita saboda lambar da ya gani a hannunsa.

Ga malamin nan, hisabi ya fito: ya sayi munduwa ta asali, ya ɗaura ta mako biyu domin ya san takunsa na kullum, sannan ya ƙara a hankali. In bayan wata shida tattaki ya zama gudu, lokacin ne maganar agogo za ta taso. Kafin nan, abin da ya rage a aljihu ya fi amfani a wajen takalmi.