Yadda manhaja ke yanke mutum daga hoto, da inda wuƙarta ke kaucewa

Mai sayar da mayafai ta ɗauki hoton ƙanwarta sanye da jan mayafi shara-shara a gaban koren bango, ta danna maɓallin cire bayan hoto don ta ɗora shi a kan fari ta tallata. Fuska da riga sun fito tsaf. Amma siririyar sarƙar da ke lilo a hannun yarinyar ta ɓace, gefen mayafin kuma ya yi wani kore-kore kamar ya yi gansakuka. Kowanne daga cikin waɗannan lahani biyu yana da dalilinsa.

Hoton waya tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Hoto mai faɗin 4000 da tsayin 3000 yana da ɗigo miliyan 12. Aikin manhajar shi ne ta ba kowane ɗigo maki tsakanin 0 da 1. Wanda ya samu 1 na mutum ne, a bar shi. Wanda ya samu 0 na baya ne, a share. Ba launi kaɗai take dubawa ba. An horar da ita da dubban hotuna waɗanda mutane suka zauna suka shata iyakar abin da ke gaba a cikinsu, har ta koyi irin siffar da ake barin ta da irin wadda ake zubarwa.

Mu ɗauki U²-Net, tsarin da masu bincike na Jami'ar Alberta ta Kanada suka fitar a 2020, wanda manhajar kyauta ta rembg ta shahara da shi. Kafin ya duba komai, sai a matse hoton ya koma 320 da 320, wato ɗigo 102,400 kacal. Daga nan yakan ƙara ƙanƙantar da shi mataki-mataki don ya gane babbar siffa, nan kai ne, nan kafaɗa ce, sannan ya sake faɗaɗawa yana gyara iyaka. Taswirar makin da ya fitar ita ake miƙewa ta rufe ainihin hoton.

A nan sarƙar ta salwanta. A ƙaramin hoton, ɗigo ɗaya yana wakiltar kusan ɗigo 117 na asali, faɗinsa ya haura ɗigo 12. Sarƙar da kaurinta bai wuce ɗigo uku ba ta narke cikin koren bango tun kafin tsarin ya gan ta. Haka yake faruwa da silin gashi, da bakin leshi, da wayoyin ƙafar keke. A ganina wannan shi ne abin da ya fi kamata mai amfani da manhaja ya sani, domin maganinsa yana hannunsa: ya matso kusa, ko ya rage gefunan hoton kafin ya saka shi, yadda abin da yake so zai cika fili ya samu ɗigogi da yawa.

Matsalar mayafin ta fi zurfi. Ɗigon da ya faɗo a kan yadi shara-shara ba na mayafi ba ne zalla, ba kuma na bango ba. A ce kashi 60 cikin ɗari na launinsa jan mayafi ne, kashi 40 koren bango. Ko da manhajar ta ba shi maki 0.6 daidai, launin da ke cikinsa a gauraye yake. In ba ta yi ƙarin aiki ta tsame koren daga cikin jan ba, sai ta kwashe shi yadda yake ta kai kan farin fili, koren ya biyo shi. Tsamewar kuwa hasashe ce, don kyamara launi ɗaya ta adana, ba ta ajiye na mayafi daban na bango daban ba. Shi ya sa gilashin tabarau, kwalbar turare da hayaƙin turaren wuta suke wahalar da waɗannan manhajoji.

Akwai kuma kuskuren zaɓi. Tsarin yana neman abin da ya fi jan ido ne, bai san nufin mai hoto ba. Mace ta riƙe jakar da ake son tallatawa, yana iya barin matar ya gutsure jakar. Farar shadda a gaban farin bango ma takan rasa wani yanki na hannu, tunda babu iyakar da za a kama.

Kafin mai mayafai ta tura hoton, ta ɗora shi a kan baƙin fili, sannan a kan fari, ta zuƙo gefuna. A kan baƙi ake ganin ragowar bango mai haske, a kan fari ake ganin ragowar mai duhu da ramukan da aka huda. In kuma ta san a kan fari za ta ɗora, to tun farko ta tsayar da ƙanwar a gaban farin bango ko mai launin toka. Jan mayafi ya bambanta da shi sosai, launin da zai ratsa ta cikin yadin kuma shi ne wanda zai dace da sabon filin.