Kuɗin Fansho Da Na Inshorar Lafiya: Kason Albashin Da Haraji Ba Ya Taɓawa

Ma'aikata da dama in sun duba takardar albashinsu suka ga an cire na fansho, an cire na inshorar lafiya, sannan ga haraji, sai ransu ya ɓaci, gani suke an yi musu yanka uku. Amma a dokar Najeriya, waɗancan biyun na farko rage nauyin na ukun suke yi, domin sai an zare su tukuna kafin a lissafa haraji a kan abin da ya saura.

Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Sabuwar dokar haraji kuma, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta kasa kuɗin shigar shekara hawa-hawa. Naira 800,000 na farko ba haraji. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18.

Ga misali. Wata ma'aikaciya a Kano tana ɗaukar naira miliyan 3.6 a shekara, kuma a kan dukkansa ake lissafa fanshonta. Kashi 8 ya kama naira 288,000. A ce inshorar lafiya ta ci 60,000, jimla 348,000 ke nan. Abin da ya saura, naira 3,252,000, shi za a hau da shi matakan. Hawa na biyu zai ci 330,000, ragowar 252,000 da suka shiga hawa na uku su ci 45,360. Harajinta ya tashi 375,360. Da a kan albashin gaba ɗaya aka lissafa, 438,000 za ta biya.

Rarar ta kama naira 62,640, wato kashi 18 na abin da aka zare, saboda daga hawan ƙoli ake yanke shi. Shi ya sa kowace naira ɗari da ta zuba ta rage mata harajin naira 18. Wanda ya tsaya a hawa na biyu naira 15 yake samu, wanda kuwa bai wuce 800,000 ba, dama ba harajin da za a rage masa.

Matsala takan taso a wuri biyu. Wani akawun kan lissafa haraji kafin ya zare waɗannan kuɗaɗe, kuma takardar albashi za ta nuna haka in aka sake lissafin. Wanda ya fi muni shi ne a cire kuɗin a ƙi turawa. Doka ta ba da kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi a tura na fansho, don haka ma'aikacin da wata ya wuce bai ga shigarsa ba, ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin da ke kula da fanshonsa, ya kai ƙara Hukumar Fansho ta Ƙasa in ya tarar da giɓi.