Hanci Ya Toshe, Maƙogwaro Ya Bushe: Abin da Hunturu Ke Yi wa Barci

Mutum ya kwanta lafiya ƙalau bayan Isha, sai wajen ƙarfe biyu ko uku ya farka bakinsa a buɗe, harshe ya manne a ganɗa, haɗiyar yawu ta zama aiki. Ya juya dama, ya juya hagu, hancin nan babu hanya. Gari na wayewa ya sha shayi mai zafi, kafin hantsi ya ji sauƙi, da dare kuma a sake maimaitawa. Mutane da yawa a Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram haka suke fama daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, suna cewa mura ce ta ƙi sakinsu. Sau da yawa kuwa ba mura ba ce, kuma maƙogwaron da ake ta nema wa magani ba shi ne tushen matsalar ba. Daga hanci abin ya faro.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara. Kaso mai yawa na hazon da take ɗauko mana daga kwarin Bodele yake, a arewacin Chadi, inda tsohon Tafkin Chadi ya ƙafe tun dubban shekaru ya bar ƙasa mai laushi. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan ƙasa. Ga ƙura, ga bushewa, don danshin iska yakan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 a ranakun da hunturu ya kankama, alhali jiki ya fi sakewa a kashi 40 zuwa 60.

Aikin hanci ne ya ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ta kafin ta wuce ciki. Yana yin haka da siririyar majina wadda ke kama ƙura, da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani masu tura majinar baya a haɗiye. Idan iska ta bushe ƙwarai, majinar sai ta yi kauri ta daskare, turawar ta ragu, ƙura ta zauna tana cin fatar ciki. Naman cikin hanci, wanda cike yake da jijiyoyin jini, sai ya kumbura. Wannan kumburin ne toshewar, shi ya sa mutum zai fyace har kansa ya yi ciwo bai fitar da komai ba. Kwanciya kuma na ƙara tara jini a wurin, musamman a kafar da ke ɓangaren da aka kwanta a kai. Da hanya ta rufe, mai barci sai ya koma numfashi ta baki, a daidai lokacin da yawu ke raguwa. Sa'o'i biyar ko shida busasshiyar iska na bi ta maƙogwaro ba tacewa ba jiƙawa, dole a farka da zafi, wani ma har da minsharin da bai saba ba.

Ga yadda ake rarrabewa. Ɗauki ɗan acaɓa da ya yini a titi ba takunkumi. Ba ya zazzaɓi, gaɓoɓinsa ba sa ciwo, zafin maƙogwaron ya fi tsanani da asuba, ya lafa bayan ya sha ruwa ya ci abinci. In ya fyace, ɗan abin da ke fita busasshe ne mai launin ƙasa, wani lokaci da ɗigon jini. Wannan bushewa ce da ƙura. Mura kuwa tana zuwa da kasala da yoyon hanci, zafin maƙogwaronta ba ya bin agogo, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 takan wuce. A duka biyun, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba tare da ganin likita ba asarar kuɗi ce, don ba ya rage kumburin ƙura, ba ya kuma kashe ƙwayar mura.

Abin da zai taimaki ɗan acaɓan nan yana cikin kicin ɗinsa. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya-wata ɗaya, a narka gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya wanda ba a tula ba, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Kamar rabin sa'a kafin kwanciya, a wanke hannu, a zuba ruwan a tafi, a shaƙa ta kafa ɗaya a hankali irin shaƙar alwala, a bari ya zubo, a maimaita sau uku, sannan a koma ɗaya kafar. A fyace a hankali. Gishirin ne ke sa ruwan ya yi kusa da ruwan jiki, shi ya sa ba ya raɗaɗi kamar tsuran ruwa. In ya yi zafi, an cika gishiri. Tafasawar ba ta da makawa, kuma kullum a haɗa sabo. Ragowar sai a kurkure maƙogwaro da shi. Bayan haka a ƙara filo don kai ya ɗaga, a ajiye ruwan sha kusa, a rataya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki. Tawul ya fi kwanon ruwa sakin danshi saboda faɗinsa, ko da yake taimakon kaɗan ne. Da rana a yayyafa ruwa kafin shara, a rufe hanci in za a hau hanya, yadda masu rawani suka daɗe suna yi da amawali.

Inda na fi jin tsoro shi ne abubuwa biyu da muke ɗauka gata ne. Na farko maganin ɗigawa a hanci mai sinadarin zailometazolin ko okzimetazolin. Yana buɗe hanci cikin mintuna, gaskiya ne, amma in an wuce kwana 5 zuwa 7 ana amfani da shi, hancin kan kumbura fiye da da duk lokacin da ƙarfinsa ya sake, mutum ya kasa barci sai da kwalbar a gefen filo. Hunturu wata uku ne zuwa huɗu, wannan magani ba zai raka ka ƙarshensa ba. Na biyu kaskon gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga. Bayan hayaƙin da ke ƙara cin hanci, gawayi na fitar da iskar guba marar wari wadda ke kashe mutane cikin barci. A fitar da kasko kafin a kwanta. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma a rage su a wannan lokaci, gidan sauro ya wadatar.

Man shafawa mai mantol yana sa a ji kamar hanci ya buɗe saboda sanyinsa, amma kumburin na nan, kuma bai kamata a cusa shi a hancin ƙananan yara ba. Zuma cikin ruwan ɗumi na lafar da maƙogwaro, sai dai ba a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Akwai lokacin da za a bar dabarar gida a nufi asibiti: numfashi na fita da ƙara ko ƙirji ya ɗaure, musamman ga mai asma, haɗiya ta gagara tare da zazzaɓi mai zafi, haɓo ya ƙi tsayawa bayan an sunkuya an matse hanci minti 15, ko toshewar ta liƙe a kafa ɗaya makonni. Wannan yanayi na ƙura da bushewa shi ne kuma lokacin sanƙarau a ƙasashenmu, kamar yadda aka gani a babbar annobar 1996. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya, ko yaro ya yi laushi ya ƙi nono, ba a jira gari ya waye, a tafi a daren.