Tace Rubutu Domin Masu Karatu da Kunne

Mai tace rubutu ya saba da aikin ido. Zai duba ko an sa lanƙwasa a kan ƙ da ɗ, ko waƙafi ya zauna inda ya dace, ko sunan mutum ya fito daidai. To amma akwai masu karatu da yawa da ba da ido rubutun ke isa gare su ba. Makafi da masu raunin gani suna amfani da manhajar da ke karanto musu abin da ke kan allon waya ko kwamfuta da murya. A wayar Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, wadda ta shigo wayar a 2009. A kwamfuta akwai JAWS ta kuɗi, akwai kuma NVDA ta kyauta, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006.

Abin da mai tacewa ya kamata ya fara ganewa shi ne, mai sauraro ba ya zama ya ji shafi tun daga farko har ƙarshe. Mai ido kan ɗan leƙa shafi ya tsallake zuwa inda yake so, shi ma mai sauraro tsallake yake yi, sai dai hanyarsa daban ce. A NVDA, in ya danna harafin H sai manhajar ta kai shi kan magana na gaba, K ta kai shi mahaɗi na gaba, wato abin da aka fi sani da linki, G kuma hoto na gaba. In ya haɗa Insert da F7, sai ta jero masa dukkan mahaɗan shafin ko dukkan kanunsa, tsirara, babu jimlolin da ke kewaye da su. Saboda haka kowane kai da kowane mahaɗi dole ya iya tsayawa da ƙafarsa, ko da an zare shi daga cikin 'yan uwansa.

A ɗauka wata ƙungiya ce ta shirya sanarwar tallafin karatu, aka kawo maka ka duba kafin a saki. A ido sanarwar ta yi kyau. Akwai babban take a sama, sai sassa uku masu kauraren rubutu: sharuɗɗa, takardun da ake buƙata, da yadda za a nema. A ƙasa akwai hoton fosta mai launi, sai wurare huɗu da aka rubuta “danna nan”.

Fara da kanun. Ka danna H ka ji. In manhajar ta ce babu wani kai a gaba, to an yi abin da aka saba yi: wanda ya buga rubutun ya ƙara wa layin girma da kauri kawai, bai shaida wa na'ura cewa kai ba ne. Ido ya yarda, amma a wurin manhaja layin bai da bambanci da sauran. Gyaran ba shi da wuya. A Word a zaɓi layin a ba shi salon Heading 1 ko Heading 2, a shafin intanet kuma a sa masa alamarsa:

```
<h1>Tallafin karatu na bana</h1>
<h2>Takardun da ake buƙata</h2>
```

Matakan kanu shida ne, kuma manhajar tana faɗin matakin kowanne, da haka mai sauraro ke gane wane sashe ne ke ƙarƙashin wane. Don haka kada a tashi daga mataki na biyu a faɗa na huɗu don kawai girman harafinsa ya fi burge mai zane. Kuma kai ya faɗi abin da ke ƙarƙashinsa. “Ƙarin bayani” bai faɗi komai ba. “Ranar rufe karɓar takardu” ya faɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a binciken da cibiyar WebAIM ta Amurka ke yi a kai a kai tsakanin masu amfani da irin waɗannan manhajoji, kimanin kashi biyu cikin uku sukan ce ta kanu suke fara laluben abin da suke nema a dogon shafi.

Sai mahaɗai, inda ɓarnar ta fi yawa. Buɗe jerinsu a sanarwar tamu, abin da za ka ji shi ne: danna nan, danna nan, danna nan, danna nan. Kamar mutum ne ya shiga tashar mota ya tarar kowane kwandasta na kiran “nan, nan”, ba wanda ke ambaton gari. Ɗalibar da ke neman fom sai ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana ƙona data, kafin ta dace. Gyaran shi ne a ɗora mahaɗin a kan kalmomin da ke faɗin inda zai kai mutum. Maimakon “Domin samun fom, danna nan”, sai a rubuta “Sauke fom ɗin neman tallafi”, a mai da jimlar kanta mahaɗi. Na biyu ya zama “Jerin makarantun da tallafin ya shafa”, na uku “Adireshin ofisoshin karɓar takardu”, na huɗu “Tambayoyin da aka fi yi”. In fayil ne zai sauka, a faɗi irinsa da nauyinsa a cikin mahaɗin, misali PDF mai nauyin 2MB, don mutum ya san abin da zai ɗauka kafin ya taɓa.

Akwai kurakurai biyu da ke rakiyar wannan. Na farko, liƙa dogon adireshin intanet yadda yake, mai cike da lambobi da alamomi. Manhaja za ta yi ta karanto shi, wani lokaci harafi bayan harafi, har mai sauraro ya manta abin da ake magana a kai. Na biyu, mahaɗai biyu masu suna ɗaya amma kowanne da inda ya nufa. In suna ya zo ɗaya, wurin zuwa ma ya zama ɗaya. Kuma ba sai an rubuta “mahaɗi zuwa” a gaba ba, manhajar da kanta take sanar da cewa mahaɗi ne.

Yanzu ga hoton, wanda a ganina nan ne mu a ƙasar Hausa muka fi zaluntar masu lalurar gani ba tare da mun sani ba. Mun saba fitar da sanarwa a fosta: ɗaurin aure, wa'azi, rigakafi, ɗaukar ma'aikata, duk sai a zana su a hoto a watsa a WhatsApp da Facebook. Rubutun da ke cikin hoto kuwa, a wurin manhajar karatu ba rubutu ba ne. Wasu wayoyin kan yi ƙoƙarin tsinto haruffan, amma ba abin dogaro ba ne, balle ga fosta mai ado da rubutun Hausa. A sanarwar tamu, ranar rufewa a cikin fostar kaɗai take. In ba a rubuta wa hoton bayani ba, ɗalibar za ta ji an ce “hoto”, ko a karanto mata sunan fayil irin IMG_2041.jpg, ta wuce ba ta san wa'adi na ƙarewa ba.

Bayanin hoto ɗan gajeren rubutu ne da ake maƙala wa hoton, ido ba ya ganinsa amma manhaja na karanta shi. A Word da shafukan sada zumunta za ka same shi da sunan Alt text. Tambayar da mai tacewa zai yi ita ce: me ya sa aka sa wannan hoton a nan? Amsar ita ce bayanin. Ga fostar tamu, “fosta mai launin kore da fari” gaskiya ne amma ba amfani. Abin da ake so shi ne:

```
<img src="fosta.jpg"
 alt="Za a rufe karɓar takardu ranar 30 ga Satumba, ƙarfe 4 na yamma">
```

Mafi kyau ma, a rubuta ranar a cikin sanarwar kanta. A WhatsApp kuwa, a kwafe abin da fostar ta ƙunsa a rubuta shi a ƙarƙashinta ko a saƙo na gaba.

Hoto ɗaya na iya buƙatar bayani iri biyu, gwargwadon labarin da yake ciki. Hoton wata mata tana ɗinki, a labarin koyon sana'a, bayaninsa “wata mata tana ɗinka riga da keken ƙafa” ya isa. In labarin a kan gyaran keken ɗinki ne, sai a karkata ga keken, a faɗi wane sashe ake nunawa. Jimla ɗaya ko biyu ta wadatar, kuma ba a farawa da “hoton”, tun da manhaja ta riga ta faɗa. Hoton ado zalla, irin furanni ko layin da ke raba sassa, ana barin bayaninsa fanko, wato `alt=""`, sai manhajar ta tsallake shi shiru. Barinsa fanko da gangan daban yake da rashin sa alamar gaba ɗaya, wanda shi ke jawo karanto sunan fayil. In hoton kansa mahaɗi ne, kamar ɗan zanen ambulan, bayaninsa ya faɗi aikinsa: “Aiko mana da saƙo”. Jadawali ko taswira kuwa ba sa shiga jimla guda. A ba su gajeren bayani, a zuba alƙaluman a cikin rubutu.

Kada a manta da wanda ke gani amma da ƙyar, kamar dattijon da yanar ido ta fara rufe masa gani, ko mai ciwon suga da ganinsa ya ragu. Shi ba lallai ya kunna murya ba, ƙara girman rubutu yake yi. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C ta fara fitarwa a 1999 kuma ta sabunta zuwa 2.2 a 2023, sun nemi rubutu ya karantu ko an ninka girmansa sau biyu, ba tare da wani abu ya ɓace ba. Sun kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 a kan 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 a kan 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari 21 ne a kan 1. Rawaya tsantsa a kan fari kuwa da ƙyar ta haura 1 a kan 1, ga shi masu zana fosta na sonta. Mahaɗi ma kada launi kaɗai ya bambanta shi, a ja masa layi a ƙasa.

Word na da Check Accessibility a ƙarƙashin Review, zai nuna maka hoton da ba shi da bayani. Amma ba zai iya sanin ko bayanin ya faɗi ranar rufewa ko launin fosta kawai ya ambata ba, wannan hukuncin mutum ne. Don haka ka kunna TalkBack a wayarka ka bi rubutun da kunne. Ka sani tun farko, da ta kunnu taɓawa ɗaya zaɓe ne kawai, sai ka taɓa sau biyu abu zai buɗe, kuma da yatsu biyu ake jan shafi. Ka saurari kanu su kaɗai, sannan mahaɗai su kaɗai, sannan hotuna. In kuma kana da makwabci ko abokin aiki da ke amfani da manhajar kullum, ka roƙe shi ya gwada neman fom ɗin da ranar rufewa, ka zauna kusa da shi ka ga inda ya tsaya, ka gyara wurin kafin a saki sanarwar.