Yadda wani matashi mai aikin kafe ya ninka saurin buga rubutunsa

A duk lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suka fara rububin miƙa kundin bincikensu, shagunan kafe da ke kusa da manyan makarantun Kano kan cika maƙil. Ɗalibi zai zo da rubutun hannu mai shafi hamsin ko sittin, ya ce jibi yake son miƙa wa malaminsa. Da yake a kan kowane shafi ake biyan kuɗin aikin, mai saurin hannu shi ne mai ciniki.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan shaguna ne wani matashi da bai daɗe da kammala sakandare ba ya samu aikin buga takardu. Ya iya kwamfuta daidai gwargwado, amma da yatsu biyu yake bugawa, idonsa a kan madannai, hannunsa na dama kuma kullum yana kai da komo tsakanin madannan da maus. Shafi huɗu yake gamawa a awa guda. Da aiki ya yi yawa, sai ɗalibai suka fara kwashe takardunsu suna kai wa shagon da ke gaba, mai shagon kuma ya fito ƙarara ya gaya masa cewa idan abin bai sauya ba zai nemo wani.

Inda lokacin yake tafiya

Wanda ya ɗora shi a kan hanya wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin buga takardu a ofishin gwamnati, wanda kan leƙo shagon domin a gurza masa takarda. Dattijon ya sa shi ya buga shafi ɗaya, shi kuma yana duba agogo yana kallon hannayensa.

Shafin kundin bincike da aka ba wa tazara biyu tsakanin layuka yakan ɗauki kalmomi kusan 250. Matashin ya gama shi a minti 15. Amma a lissafin dattijon, minti 10 kawai ya yi yana buga haruffa, wato kalma 25 a minti. Sauran minti biyar ɗin sun tafi ne wajen ɗaukar maus, neman wurin da aka yi kuskure, goge haruffa ɗaya bayan ɗaya, da lalubo alamomin gyaran rubutu a saman allo.

Daga nan suka gane cewa matsala biyu ce, kuma kowacce da maganinta. Minti biyar ɗin nan gajerun hanyoyin madannai ne za su rage su. Minti goman kuwa sai an sake koya wa yatsu aiki.

Raba hannu da maus

Dattijon bai ba shi dogon jeri ya haddace ba. Ya fara da abin da ya fi yawan yi, wato gyaran kuskure. A da idan ya buga kalma ba daidai ba, sai ya danna Backspace sau bakwai ko takwas. Yanzu Ctrl+Backspace kan share kalmar gaba ɗaya a bugu ɗaya. Idan kuskuren yana can baya a cikin layi, sai ya riƙe Ctrl ya danna kibiyar hagu, alamar rubutu ta riƙa tsallake kalma kalma har ta isa wurin. Idan ya haɗa da Shift, yana tafiya yana zaɓar kalmomin. Madannin End kuma ya mayar da shi ƙarshen layi ya ci gaba da aiki.

Sai tsara shafi a manhajar Microsoft Word. Ctrl+E yana kai kan magana tsakiya, Ctrl+B yana ƙara masa kauri, Ctrl+J yana daidaita gefe biyu na sakin layi, Ctrl+2 kuma yana sanya tazara biyu da makarantu da dama ke buƙata. Idan ya buga kan babi da ƙananan haruffa alhali manya ake so, ba sai ya goge ba: ya zaɓe shi ya riƙa danna Shift+F3 har haruffan su koma manya. A wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai an haɗa da madannin Fn kafin F3 ya yi wannan aiki.

Akwai ɗabi'a ɗaya da ta fi ɓata masa lokaci ba tare da ya sani ba. Idan zai fara sabon babi, sai ya yi ta danna Enter har rubutu ya gangara sabon shafi. Da zarar ɗalibi ya dawo da gyara aka ƙara layi uku a babi na ɗaya, sai kanun duk sauran babukan su zame daga wurarensu, ya koma yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ctrl+Enter ya kawo ƙarshen wannan wahala, domin yana sanya iyakar shafi ta yadda sabon babi zai fara a saman shafi ko me aka ƙara a gabansa.

Cikin mako guda minti biyar ɗin suka koma kusan ɗaya. Shafi ya koma minti 11, wato shafi biyar da 'yan kai a awa. An ci gaba, amma ba a ninka ba, domin gajerun hanyoyi ba sa ƙara wa yatsu gudu.

Yatsu goma, ido a kan takarda

Duk wanda ya shafa madannan F da J zai ji ɗan tudu a kansu. An yi shi ne domin mai bugawa ya gane mazaunin yatsunsa ba tare da ya duba ba. Manuniyar hagu tana zama a kan F, sauran yatsu uku a kan D, S da A. Manuniyar dama tana kan J, sauran a kan K, L da madannin da ke biye da L. Manyan yatsu kuma suna kan dogon madannin tazara. Kowane yatsa yana da haruffansa a sama da ƙasa, kuma idan ya buga sai ya dawo mazauninsa.

Amfanin wannan ga mai kwafar rubutun hannu a fili yake. Mai kallon madannai yana karanta kalma uku, ya sunkuya ya buga, ya ɗago ya nemi inda ya tsaya. A nan ne ake tsallake layi, musamman idan layuka biyu sun fara da kalma iri ɗaya. Wanda yatsunsa suka san hanya kuwa idonsa ba ya barin takarda.

Makonni biyun farko sun yi wa matashin ɗaci, domin saurinsa raguwa ya yi har ƙasa da na da. Saboda kada aikin mutane ya tsaya, sai ya raba lokacinsa: rabin awa kowace safiya kafin a buɗe shago yana atisaye da ƙyalle a rufe a kan hannayensa, da rana kuma ya yi aikin ciniki yadda ya saba. Dokar da dattijon ya kafa masa ita ce kada ya nemi sauri sai kurakurai sun ragu. Idan yana kuskure a kusan kowane layi, alama ce ta cewa ya wuce ƙarfinsa, sai ya sassauta.

Haruffa masu lanƙwasa

Ɗaliban sashen Hausa sun zo masa da wata matsala ta daban, domin babu ƙ, ɓ da ɗ a kan madannai. A Word, idan aka buga 0199 aka danna Alt+X, lambar tana komawa ƙ. Ta ɓ ita ce 0253, ta ɗ kuma 0257. Sai dai akwai tarko. Idan harafin da ya gabata yana tsakanin a da f ne, kamar a kalmar "haƙuri", manhajar takan haɗa shi da lambar ta ba da wani abu daban. Maganin shi ne a buga U+0199 kafin a danna Alt+X.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai yawan buga Hausa ita ce ya ba kowane harafi madanninsa. Ana shiga Insert, sai Symbol, sai More Symbols, a zaɓi harafin, a danna Shortcut Key, a buga haɗin da ake so kamar Alt+K, sannan Assign. Akwatin yana nuna ko haɗin yana da wani aiki tun da farko. A kwamfutar da aka yi saitin kaɗai yake zama, don haka sai da matashin ya maimaita shi a kowace kwamfutar shagon.

Ranar da sauri ya so ya jawo asara

Ctrl+H yana buɗe akwatin nemo kalma a musanya ta da wata. Wata ɗaliba ta kawo kundin da aka buga mata a wani wuri babu lanƙwasa, tana so a gyara. Matashin ya sa a mayar da "kasa" zuwa "ƙasa", ya danna Replace All. Nan take "kasancewa" ta koma "ƙasancewa", "kasafi" ta koma "ƙasafi". Abin da ya ankarar da shi shi ne adadin musanyar da manhajar ta nuna, wanda ya zarce abin da yake tsammani nesa ba kusa ba. Ctrl+Z ya mayar da komai yadda yake.

Daga baya ya koyi danna More ya zaɓi Find whole words only, domin a taɓa cikakkiyar kalma kawai. Ko hakan ma bai wadatar ba a nan, tunda "ya kasa zuwa" daidai take ba lanƙwasa. A irin wannan sai an bi da Find Next da Replace, ana duba kowace jimla. Ya kuma saba da danna Ctrl+S a ƙarshen kowane sakin layi, saboda ɗaukewar wuta kafin a tayar da janareta ta isa ta cinye aikin da ba a adana ba.

Lissafin ƙarshe

Bayan kusan wata biyu dattijon ya sake riƙe masa agogo. Yana buga kalma 40 a minti, wato shafi mai kalma 250 a minti shida da daƙiƙa 15. Gyara da tsari suka ci minti ɗaya da daƙiƙa 15. Jimilla minti bakwai da rabi ke nan, shafi takwas a awa. Kundi mai shafi 60 da a da yake cin awa 15 ya koma awa bakwai da rabi.

Wannan lissafi na rubutu ne zalla mai karantuwa. Babi na huɗu mai cike da jadawali da alƙaluma har yanzu yana jan lokaci, ko da yake madannin Tab yana tsallakar da shi daga gida zuwa gida a cikin jadawali. Rubutun hannun da ba ya karantuwa kuwa, dole ya ajiye aiki ya kira mai shi a waya. Mai shagon dai ya bar maganar neman wani, kuma da ya ɗauki sabon yaro mai kula da firinta, matashin ya damƙa wa aikin koya masa madannai.