Mai Ba Da Labarin Da Bakinsa Ya Saɓa Da Idonsa

Duk littafin da aka rubuta da bakin mutum ɗaya, wanda ke cewa na je, na gani, na ji, ya ɗora wa mai karatu sharaɗi tun daga shafin farko. Ba ka da wata kafa ta sanin abin da ya faru sai ta wannan baki, don haka kana shiga da yarda, kamar yadda ake yarda da mai gida in yana ba da labarin gidansa. Wasu marubuta kuwa da gangan suke ba da ragamar labari ga wanda bai kamata a ɗauki maganarsa duka ba. Manazarcin adabi na Amurka Wayne C. Booth ne ya fara bai wa wannan dabara suna a 1961, amma marubuta sun daɗe suna aiki da ita kafin nan.

A ganina babu inda ta fito fili kamar a The Remains of the Day, littafin Kazuo Ishiguro da ya fito a 1989 ya kuma ci kyautar Booker a wannan shekarar. Mai ba da labarin shi ne Stevens, shugaban barorin wani katafaren gida a Ingila mai suna Darlington Hall. A watan Yuli na 1956 ya ari motar sabon ubangidansa, wani Ba'amurke, ya kama hanyar yammacin ƙasar don ya ga Miss Kenton, wadda ta taɓa shugabantar ma'aikata mata a gidan kafin ta yi aure. A hanya yake tuna shekarun da ya yi yana bauta wa tsohon mai gidan, Lord Darlington. Magana yake cikin natsuwa da ladabi, ba ya zagi, ba ya cika baki, kuma yana ambaton ranaku da sunaye daki-daki. Irin wannan murya nan da nan take sayen zuciyar mai karatu.

Sai a zo daren wani babban taro da aka yi a gidan a watan Maris na 1923, inda manyan Turai suka hallara don tattauna halin da Jamus ke ciki bayan yaƙi. A wannan daren mahaifin Stevens, wanda shi ma bara ne a gidan, yana kwance a ɗakinsa na sama yana jiran ajali. Stevens na ƙasa yana zuba wa baƙi abin sha, yana kuma nema wa wani Bafaranshe mai ciwon ƙafa abin ɗaure ƙafa. Ko sau ɗaya bai gaya mana cewa ransa ya ɓaci ba. Amma wani saurayi cikin baƙin ya tambaye shi ko lafiya, sannan Lord Darlington da kansa ya ce masa yana ganin kamar kuka yake yi. Stevens ya ce gajiyar aiki ce kawai. Uban ya cika, shi kuwa ya ci gaba da hidima, kuma da ya kammala ba mu labarin daren sai ya ce yana tuna shi da alfahari, don a nan ya nuna ƙwarewarsa.

Dubi abin da marubucin ya yi a nan. Bai sa Stevens ya yi ƙarya a kan abin da ya auku ba. Shi ne ma ya kawo mana maganar mutanen biyu da suka ga hawayensa, kalma da kalma. Abin da ya karkace shi ne fassarar da yake yi wa al'amarin. Daga wannan shafi yardar mai karatu takan rabu biyu: ka ci gaba da amincewa da idon Stevens da kunnensa, amma ka daina amincewa da hukuncinsa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin mun san uwar da alkunya ke hana ta kiran sunan ɗan farinta, kuma ba wanda ke cewa ba ta ƙaunarsa.

Da zarar an farga, sai karatun ya canza. Ka fara lura da cewa duk inda magana ta nufi zuciyarsa, Stevens yakan tsere zuwa dogon bayani a kan goge cokulan azurfa ko a kan ma'anar mutuncin bara. Ka lura cewa wasiƙar Miss Kenton, wadda ya ce tana nuna sha'awar dawowa aiki, da ya sake karanta ta a hanya shi da kansa ya yarda ba ta faɗi haka ƙarara ba. Har sau biyu ya musanta wa baƙi cewa ya taɓa yi wa Lord Darlington aiki, alhali yana ta rantse mana cewa mutumin kirki ne. Dalilin kuwa a hankali yake fitowa: ubangidan nasa ya zama ɗan koren gwamnatin Nazi a Ingila, har ya sa aka kori 'yan mata biyu daga aiki don kawai Yahudawa ne, kuma Stevens ne ya isar da umarnin. Akwai ma ranar da ya tuna yana tsaye bakin ƙofar Miss Kenton yana jin a ransa tana kuka a ciki. Da farko ya ce ranar rasuwar gwaggonta ce, daga baya ya gyara ya ce daren da ta gaya masa za ta yi aure ne.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma marubuta da yawa sukan faɗi a kanta. In ba a ajiye wani shaida a cikin labarin ba, wato wata murya ko wani abu da ya saɓa wa mai magana, mai karatu ba shi da ma'auni, sai ya haɗiye komai ko ya watsar da komai. In kuma aka ɓoye gaskiya ƙurmus sai a shafin ƙarshe a tone ta ba tare da wata alama a baya ba, mai karatu zai ji an yaudare shi, kuma haushinsa a kan marubuci zai sauka. Ko Agatha Christie, da ta sa likitan da ke ba da labari ya zama shi ne mai kisan a The Murder of Roger Ackroyd a 1926, ta kiyaye wannan ƙa'ida: likitan yana tsallake abubuwa, amma wanda ya koma baya zai ga gurbin da aka bari. Hanyar gwaji ke nan. Ka sake karantawa, in alamun suna nan tun farko to an yi maka adalci.

Abin da ya fi burge ni a aikin Ishiguro shi ne shakkar ba ta raba mu da Stevens ba, sai ma ta kusantar da mu gare shi. Mun gane ba mu yake ruɗa ba, kansa yake lallashi don ya iya jure tunanin cewa ya ƙarar da rayuwarsa a hidimar da ba ta cancanta ba. Shi ya sa a ƙarshe, da Miss Kenton ta gaya masa takan yi tunanin irin rayuwar da za su iya yi tare, shi kuma ya faɗa mana a taƙaice cewa zuciyarsa ta karye a wannan lokacin, ba mai shakkar maganar. Mutumin da ya yi ɗaruruwan shafuka yana ɓoye damuwarsa ba zai ƙirƙiro ta don neman tausayi ba.

Mai karatu, in ka ɗauki littafin da aka rubuta da bakin mutum ɗaya, na Hausa ko na wani harshe, ka riƙa sauraron abin da sauran mutanen cikinsa ke ce masa, ka kuma lura da inda yake saurin sauya magana.